Allon da Ba a Gogewa: Yadda Malaman Japan Ke Tsara Rubutun Allo Kafin Shiga Aji

A makarantun firamare na ƙasar Japan, tsarin darasin da malami ke rubutawa kafin ya shiga aji yakan zo da wani zane a ƙarshensa. Zanen yana nuna yadda allo zai kasance a daidai lokacin da aka buga ƙararrawar tashi: inda tambayar ranar za ta zauna, inda za a jera amsoshin ɗalibai, wadda za ta zo gaban wata, da gurbin da aka keɓe wa taƙaitawa. Malaman can suna kiran aikin rubutu a allo bansho, kuma suna ɗaukarsa a matsayin gwaninta mai zaman kanta, wadda ake koyo, ake gyarawa, ake kuma tattaunawa a kanta tsakanin abokan aiki. Allon kansa ba abin mamaki ba ne. Ya shiga makarantun ƙasar ne a 1872, lokacin da wani malami Ba'amurke mai suna Marion Scott ya fara koyarwa a makarantar horon malamai ta Tokyo. Allo ne da alli irin na ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne dokar da suka ɗora wa kansu wajen amfani da shi.

Dokar ita ce: darasi ɗaya, allo ɗaya, kuma gwargwadon iko ba a goge komai har a tashi. Darasin firamare a Japan minti 45 ne. Duk abin da aka rubuta a minti na biyar ana so ya kasance yana nan a minti na arba'in, domin a lokacin ne za a fi bukatarsa. Ɗalibin da hankalinsa ya tafi wani wuri na ɗan lokaci zai iya ɗaga kai ya gano inda aka kwana. Wanda bai fahimci bayanin abokinsa da kunne ba zai iya bin sa da ido. Sannan idan aka zo kwatanta hanyoyi biyu na warware matsala guda, duka biyun suna gaban kowa, ba sai an dogara da abin da yaro ya iya riƙewa a ka ba.

Wannan bambanci ya fito fili a wani bincike na shekarun 1990, inda aka ɗauki bidiyon darussan lissafi 231 na aji takwas: 100 a Jamus, 50 a Japan, 81 a Amurka. James Stigler da James Hiebert, waɗanda suka bayyana sakamakonsa a littafin da suka fitar a 1999, sun lura cewa malaman Amurka da yawa sun fi son na'urar haska rubutu a bango, wadda ke nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya sannan a ɗauke shi a sa wani. Malaman Japan kuwa allo suka riƙe, suna fara rubutu daga gefe guda suna tafiya har ɗaya gefen, kuma yawancin abin da suka rubuta yana nan har ƙarshen darasi. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce, na farko yana amfani da abin nuni ne don ya kama hankalin ɗalibai a kan abin da yake faɗa yanzu, na biyu kuma yana gina tarihin darasin ne a gaban idonsu.

Da zarar malami ya yarda ba zai goge ba, dole ya yi tsari, domin allo yana da iyaka.

Auna fili kafin a rubuta komai

Allon aji da aka saba gani a Japan yana da faɗin mita 3.6 da tsayin mita 1.2. Yana da girma a ido, amma lissafi kaɗan zai nuna yadda yake saurin cika. Ƙasan allo, kimanin santimita 20 zuwa 30, kawunan 'yan layin gaba suna tare shi ga waɗanda ke baya, don haka ba wurin rubuta abu mai muhimmanci ba ne. Saura kimanin santimita 90. Idan tsayin harafi santimita 5 ne, aka bar tazarar santimita 5 tsakanin layi da layi, kowane layi ya ci santimita 10 ke nan. Ma'ana layi tara kawai ake da shi daga sama zuwa ƙasa. In an raba allon gida huɗu, kowane gida faɗin santimita 90, jimillar abin da malami ke da shi gajerun layuka 36 ne, kuma zane guda ɗaya mai kyau zai cinye huɗu ko biyar daga ciki.

Wannan lissafi shi ne matakin farko na tsarin, kuma shi ke tilasta wa malami zaɓi. Ba duk abin da ya fito daga baki ne ya cancanci alli ba. Abubuwa huɗu ne ba a rasa su: matsalar da za a warware, manufar darasin a jimla ɗaya, hanyoyin da ɗalibai suka bi, da taƙaitawa. Sauran bayani na baki ne.

Ana yin zanen ne a takarda wadda aka ja wa akwati daidai da siffar allon, wato faɗi ya ninka tsayi sau uku: misali santimita 27 da santimita 9. Amfanin kiyaye wannan ma'auni shi ne, abin da bai shiga akwatin takarda da rubutu mai girman da ya dace ba, ba zai shiga allo ba. Girman harafi kuma ba a tebur ake yanke shi ba. Malami ya rubuta layi ɗaya a allo, ya taka zuwa bencin ƙarshe, ya zauna kamar ɗalibi, ya duba. Ya kuma gwada benci na gefen taga, inda hasken rana ke sa wani ɓangaren allo ƙyalli har rubutu ya ɓace.

Darasi guda, daga takarda zuwa allo

Misalin da ya fi nuna yadda abin ke aiki shi ne wani sanannen darasin lissafi na aji huɗu: neman girman filin siffa mai kama da harafin L. Ɗalibai sun riga sun san cewa girman filin siffa mai kusurwa huɗu miƙaƙƙu shi ne tsawo × faɗi. Yau za su haɗu da siffar da wannan doka ba ta kama ta kai tsaye.

A ce ƙasan siffar santimita 8 ne, gefen hagu santimita 6, saman da ya rage santimita 3, gefen dama santimita 4. Wato an gutsure kusurwar sama ta dama, gutsuren mai faɗin santimita 5 da tsayin santimita 2. Malami ya yanke shawara tun a gida cewa lambobi huɗu kawai zai rubuta a jikin zanen: 8, 6, 3 da 4. Ba zai ba da 5 da 2 ba, domin gano su yana cikin aikin.

Kafin ya zana komai a akwatin takardarsa, sai ya zauna ya warware matsalar ta duk hanyar da yake tsammanin yara za su bi, har da ta kuskure. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar aikin. Hanyoyi huɗu suka fito masa. Wani zai yanka siffar a tsaye, ya sami gida biyu: 6 × 3 + 4 × 5 = 38. Wani zai yanka ta a kwance: 2 × 3 + 4 × 8 = 38. Wani zai cike gurbin da aka gutsure, ya auna babbar siffar, sannan ya cire abin da ya ƙara: 6 × 8 − 2 × 5 = 38. Akwai kuma wanda zai ɗauki lambobin nan huɗu da ya gani a zane ya haɗa su bibbiyu: 6 × 3 + 4 × 8 = 50. Wannan na ƙarshe kuskure ne, amma kuskure mai hankali. Yaron ya fahimci cewa siffar gida biyu ce, sai dai gidajen nasa sun hau kan juna a kusurwar ƙasa ta hagu, ya ƙirga fili mai 3 × 4, wato 12, har sau biyu. Malamin da ya hango wannan tun a gida zai ba shi gurbi a allo maimakon ya zo masa da ba-zata.

Yanzu rabon allo ya fito da kansa. Santimita 90 na hagu na matsala ne da manufa. Santimita 180 na tsakiya an raba su gida huɗu, kowanne santimita 45, don hanyoyin nan huɗu. Santimita 90 na dama na taƙaitawa ne da matsalar gwaji. Gurbin santimita 45 ƙunci gare shi, don haka malami ya shirya kwafin siffar guda biyar ko shida a kwali, duk girmansu ɗaya, faɗin kowanne kimanin santimita 32. Ta haka ba zai ɓata lokacin zane a aji ba, kuma siffofin za su jeru a layi ɗaya yadda ido zai iya kwatanta su. A Japan allon yana kama maganaɗisu, shi ya sa liƙa kwali da matsar da shi ba wuya.

A aji, minti goman farko na gabatarwa ne. A can saman hagu malami ya zana ƙaramar siffa mai kusurwa huɗu ta darasin jiya, da dokarta a ƙarƙashi. Wannan ɗan zane yana da aiki har ƙarshen darasi, don haka ba ado ba ne. Sai ya liƙa siffar yau, ya tambayi ajin me ya bambanta ta da ta jiya. Daga amsoshinsu ake fitar da manufa, a rubuta ta cikin akwati: “Mu nemo yadda za a auna girman filin siffar da ba mai kusurwa huɗu ba.” Yana rubutawa ne da saurin da yara za su iya bi a littattafansu, yana karanta kalmomin a fili, ta yadda idan ya ajiye alli su ma sun kusa ajiye fensir.

Minti goma zuwa goma sha biyu na gaba, ba a taɓa allo. Kowane ɗalibi yana aiki shi kaɗai, malami yana zagayawa tsakanin bencuna riƙe da taswirar wurin zaman ajin, yana sa alama a kan sunan kowa: wannan ya yanka a tsaye, wannan a kwance, wannan ya sami 50. A nan ne tsarin da aka zo da shi daga gida ke haɗuwa da gaskiyar aji. Malami yana zaɓen waɗanda za su fito, da jerin fitowarsu. Ba mai ɗaga hannu da farko ake kira ba, wanda aikinsa ya dace da gurbin da ke gaba ake kira.

Jerin yana da dalili. A gurbin farko aka sa 50, aka rubuta alamar tambaya a gefensa ba tare da hukunci ba. A gurbi na biyu, daf da shi, aka sa yankan tsaye mai ba da 38. Yanzu amsoshi biyu masu saɓani suna kallon juna, kuma dukansu sun fara da 6 × 3. Malami ya ja layi ƙarƙashin 4 × 8 a na farko da 4 × 5 a na biyu, ya tambaya: “Ina wannan 8 ɗin yake a zane? Ina kuma 5?” Wani ɗalibi ya fito ya shafa launi a kan gidan 6 × 3, sannan a kan gidan 4 × 8, sai kowa ya ga kusurwar da ta sha launi sau biyu. A ƙarƙashin gurbin farko aka ƙara layi ɗaya da alli rawaya: 50 − 12 = 38. Ba a goge kuskuren ba. An bar shi da gyaransa a gefe, kuma ya zama hanya mai kai wa ga amsa. Da an goge 50 kafin a rubuta 38, da wannan tambaya ba ta yiwu ba, domin babu abin da za a nuna da yatsa.

Akwai kula da ake yi a nan game da mutuncin yaro. A azuzuwan Japan an saba liƙa ɗan katin sunan ɗalibi a kan hanyar da ya kawo, har a riƙa kiran hanyar da sunansa. Idan ajin bai saba da tattauna kuskure a fili ba, ya fi kyau malami ya kawo 50 ɗin da kansa, ya ce ya ga wannan tunani a littattafai da dama, ba tare da ambaton kowa ba. In kuwa mai shi ya yarda ya fito, to a ƙarshe a nuna wa ajin cewa tambayarsa ce ta buɗe musu ido.

Gurbi na uku ya karɓi yankan kwance, kuma ba a daɗe a kansa ba, domin ɗan'uwan na biyu ne. Gurbi na huɗu shi ne aka ajiye wa ƙarshe da gangan. Malami ya rubuta 6 × 8 − 2 × 5 kawai, bai bari mai hanyar ya yi bayani ba, ya tambayi sauran: “Me kuke gani ta yi tunani? Babu gida mai 6 × 8 a siffarmu, daga ina ta samo shi?” Sai wani ya fito ya cike gurbin da ɗigo-ɗigon layi. Wannan hanya ce ta fi nisa daga tunanin yawancin yara, shi ya sa take bukatar sauran ukun su riga ta zama a allo.

Sannan aka zo ga aikin da dukan tsarin ya wanzu dominsa. Malami ya ja baya daga allo, ya ce a dubi hanyoyin huɗu gaba ɗaya: me ya haɗa su? Yara za su ce biyu sun yanka, ɗaya ta cike ta cire. Ya rubuta “yankawa” a saman gurbi na biyu da na uku, “cikewa da cirewa” a saman na huɗu. Da aka ƙara matsawa, wani zai lura cewa kowace hanya ta koma ga siffar jiya. Malami ya ja doguwar kibiya daga tsakiyar allo zuwa ƙaramin zanen da ke saman hagu, wanda ya zauna can tun minti na biyu yana jiran wannan lokaci.

Taƙaitawa, wadda malaman Japan ke kira matome, tana shiga gefen dama cikin akwati irin na manufa, kuma a tsayi ɗaya da ita, domin amsarta ce: “Idan aka mai da siffar zuwa masu kusurwa huɗu, ta yankawa ko ta cikewa da cirewa, za a iya amfani da tsawo × faɗi.” Malami ya zo da irin wannan jimla a takardarsa, amma da kalmomin yara ake gina wadda za a rubuta. A ƙarƙashinta sai matsalar gwaji: siffa mai faɗin santimita 9 da tsayin santimita 5, wadda aka gutsure mata gurbi mai faɗin 3 da zurfin 2 a tsakiyar samanta. Mai yankawa a tsaye zai bukaci gida uku, 15 + 9 + 15 = 39. Mai cikewa zai gama da 45 − 6 = 39. An zaɓi wannan siffa ne don yara su ji da kansu inda hanya ta huɗu ta fi sauƙi, alhali hanyoyin duka suna nan a allo don mai bukatar waiwaye.

Alli da littafin ɗalibi

Launin alli ma yana cikin tsarin. Fari na yawancin rubutu ne, rawaya na abin da ake so ya tsaya a zuciya. Ja ba ya fitowa sosai a kan allo mai duhu, musamman ga yaran da idonsu ba ya bambance ja da kore, waɗanda a Japan sun kai kusan namiji ɗaya cikin ashirin. Saboda haka an fi amfani da shi wajen ja layi ko kewaye kalma, ba wajen rubuta ta ba. Abin da ya fi yawan launi muhimmanci shi ne ma'anar kowanne ta tsaya a wuri ɗaya duk shekara. Idan akwatin rawaya yana nufin taƙaitawa yau, to haka yake nufi gobe.

Allo kuma shi ne samfurin littafin rubutun ɗalibi. Yaro yana koyon tsara tunaninsa a takarda ne daga abin da yake gani kullum a gabansa. Shi ya sa malamai da yawa ke tsara allo ya dace da shafuka biyu na littafi a buɗe: kwanan wata, matsala, manufa da aikin yaron kansa a shafin hagu, hanyar wani abokinsa da ta burge shi, taƙaitawa da gwaji a shafin dama. A ƙananan azuzuwa har adadin haruffan layi ɗaya a allo ake daidaitawa da adadin gidajen layi ɗaya a littafin yara, don kada su rikice wajen sauka layi. Kuma ba duk abin da ke allo ake kwafa ba. A darasin da ya gabata, abin da kowa zai kwafa bai wuce matsala, manufa da taƙaitawa ba. Dole tsarin ya nuna lokacin da za a yi wannan kwafi, domin yaron da ke rubutu ba ya sauraro, kuma malamin da ke bayani a kan masu kwafi yana magana ne da bango.

Inda abin ke lalacewa

Matsalar da ta fi yawa ita ce fili ya ƙare kafin a kai taƙaitawa. Alamarta a bayyane take: rubutu manya-manya a hagu, yana ƙanƙancewa yana karkacewa zuwa dama, taƙaitawa ta matse a wani lungu ko an goge matsalar don a sama mata wuri. Maganinta shi ne a sa ƙananan ɗigo a saman allo kafin darasi, a inda kowane gurbi zai fara, kuma a zana akwatin taƙaitawa tun farko a bar shi fanko. Ɗalibin da aka kira allo ma yakan cinye gurbin mutum biyu da rubutunsa, sai dai in an shata masa iyaka ko an ba shi kwali ya rubuta a kai tun yana benci.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari, domin daga nesa kamar nasara take. Ita ce allon da ya fito daidai da zanen takarda, harafi da harafi, ba tare da kalmar yaro ko ɗaya ba. Wannan yana nufin malami ya tura darasin ne ta hanyar da ya shata, ya tsallake duk wanda ya faɗi abin da ba ya cikin tsari. A darasin siffar L, wata ɗaliba tana iya yanka siffar gida uku. Malamin da bai bar gurbi ba zai yi kamar bai gani ba. Shi ya sa tsari mai kyau ke barin wani yanki fanko da gangan, ya kuma ajiye kwafin kwali ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. Idan kuma babu wanda ya kawo hanya ta huɗu, malami yana da zaɓi biyu da ya kamata ya yanke tun a gida: ya rubuta lissafinta ya ce a gano tunanin da ke bayansa, ko ya bar ta sai gobe.

Hanyar gane ko allo ya yi aikinsa mai sauƙi ce. A kira malamin da bai halarci darasin ba, ya tsaya gaban allon bayan an tashi. Idan ya iya faɗin abin da aka tambaya, hanyoyin da aka bi, inda aka yi saɓani da abin da aka cimma, to allon ya yi. A Japan, inda malamai ke kallon darasin junansu su tattauna bayansa, allon da aka bari ko hotonsa yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Malami shi kaɗai ma zai iya ɗaukar hoton allonsa da waya, ya ajiye shi gefen zanen da ya yi a takarda. Wuraren da suka saɓa su ne ke nuna masa inda bai san ɗalibansa ba tukuna.

A azuzuwan ƙasar Hausa

Ba kowane ɓangare na wannan tsari ne zai shiga ajin da allonsa siminti ne da aka shafa wa baƙin fenti ko gawayi, ɗalibansa sun haura tamanin, kuma littafin karatu bai wadata ba. Inda babu littafi, allo ne littafin, kuma dogon rubutun da yara ke kwafa yana da dalilinsa. Ba za a ce wa malami ya daina ba da shi ba. Abin da za a iya yi shi ne a raba ayyukan biyu: lokacin tunani da allonsa, lokacin kwafi da nasa. Idan allon ƙarami ne har gogewa ta zama dole, to a tsara gogewar ita ma. A ja layi a tsaye a keɓe kashi ɗaya cikin huɗu a gefe, wanda ba a taɓa shi har a tashi, ya riƙe matsala, manufa da taƙaitawa. Sauran filin a yi aiki a kai, kuma kafin a goge kowace hanya a bar lissafinta na layi ɗaya a gefen da aka keɓe.

Siminti ba ya kama maganaɗisu, amma igiya da aka ɗaura tsakanin ƙusoshi biyu a saman allo, da 'yan maƙalan shanya, za su riƙe kwalaye huɗu a jere. Bayan tsohuwar kalanda ko kwalin kaya ya isa a yanka siffofin. A aji mai cunkoso malami ba zai iya duba littafin kowa cikin minti goma ba, sai dai wanda ya riga ya san hanyoyi huɗun da yake nema zai same su a bencuna kaɗan. Haruffa kuma dole su ƙara girma gwargwadon nisan bencin ƙarshe, abin da ke rage layukan daga tara zuwa shida ko bakwai, ya kuma sa zaɓen abin da za a rubuta ya ƙara tsanani.

Malaman da suka saba rubuta tsarin darasi don shugaban makaranta ya sa hannu sun san gurbin da ake rubuta taƙaitawar allo a ƙarshensa. Yawanci jerin jimloli ne da za a kwafa. Mai da shi akwati mai siffar allon ajin, da gurbin matsala, gurbin amsoshin da ake tsammani daga yara har da na kuskure, da gurbin taƙaitawa, ba ya bukatar kuɗi ko sabon kayan aiki. Abin da yake bukata shi ne malami ya auna allonsa, ya warware matsalar gobe ta hanyoyin da yaransa za su bi, kuma ya fara da darasi ɗaya a mako kafin ya faɗaɗa.